Daga Ƙofar Shiga Zuwa Mumbari: Yadda Ake Ƙulla Jadawalin Bikin Yaye Ɗalibai Minti Bayan Minti

Takarda biyu ce ke tafiyar da bikin yaye ɗalibai a jami'a. Ta farko ita ce ɗan littafin da ake raba wa baƙi, mai ɗauke da hotunan shugabanni da jerin abubuwan da za a gudanar, ba tare da an faɗi tsawon kowanne ba. Ta biyu ba ta kaiwa hannun baƙi. Tana hannun ofishin Magatakarda, da mai gabatar da taro, da jami'an karɓar baƙi, da jami'an tsaro. A cikinta ne aka rubuta lokacin da kowace mota za ta tsaya, da wanda zai tarbe ta, da kujerar da mai ita zai zauna, da mintin da zai miƙe ya yi magana. Hadimin da aka turo wa ta farko kaɗai, ya kuma tsara fitar maigidansa a kanta, ya ga rabin lissafi ne kawai.

Abin da ya kamata a fahimta game da wannan takarda ta biyu shi ne, isowa da zama da jawabi sarƙa ɗaya ce. Lokacin isowar mutum shi ke nuna ko zai shiga ayari, gurbinsa a ayari shi ke kai shi kujerarsa, kujerarsa kuma tana da alaƙa da lokacin da za a kira shi. Idan aka taɓa ɗaya, sauran biyun sai sun motsa.

Wane ne ke da taron?

Mu ɗauki Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, wadda kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a watan Disamba na 2024 a sauya mata suna zuwa na Janar Yakubu Gowon. Babban matsuguninta yana kan hanyar filin jirgin sama, bayan an wuce Lugbe. Kamar sauran jami'o'in tarayya, Shugaban Ƙasa ne doka ta ba matsayin Mai Ziyara a gare ta, kuma sau da yawa wakili yake turowa, galibi daga Ma'aikatar Ilimi ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, domin ya karanta jawabinsa.

Sai dai Mai Ziyara ba shi ke jagorantar zaman ba. Dokokin da suka kafa jami'o'in tarayya sun ba Uban Jami'a fifiko a kan dukkan 'ya'yan jami'ar, sun kuma ce idan yana wurin shi ke shugabantar taron bayar da digiri. A Jami'ar Abuja, Mai Martaba Sarkin Bauchi, Alhaji Rilwanu Suleiman Adamu, aka naɗa kan wannan kujera a 2021. Bayansa sai Shugaban Majalisar Gudanarwa, sai Shugaban Jami'a mai tafiyar da ayyukan yau da kullum, wanda kuma yake riƙe taron idan Uban Jami'a bai samu halarta ba.

Wannan bambanci yana da tasiri kai-tsaye a kan jadawali. Bikin yaye zama ne na hukuma: da furucin Uban Jami'a ake buɗe shi, da furucinsa ake tabbatar wa ɗalibai digiri, da shi kuma ake rufewa. Saboda haka ana iya fara taron ko da wakilin Shugaban Ƙasa bai iso ba, duk da cewa babu jami'ar da ke son hakan, amma ba a iya farawa babu mai shugabantar zama. Duk hadimin da ya gane haka ba zai zaci cewa za a jira maigidansa har illa masha Allahu ba.

Lissafi da baya

Ba a fara rubuta jadawali daga asuba a gangaro. Ana kafa turke ɗaya ne, a yi lissafi baya daga gare shi. Turken shi ne mintin da kowa ya tsaya a gurbinsa aka ɗauki taken ƙasa. Alƙaluman da ke biye misali ne na aiki, ba rahoton wani biki da aka yi ba: mu ce ranar Asabar ce, taken ƙasa ƙarfe 10:00 na safe, ɗalibai 2,000, iyaye da 'yan uwa 4,000, malamai da 'yan majalisu 200 a cikin ayari.

Abu na farko da ke gaban taken ƙasa shi ne shigowar ayari. Mutum 200 da ke tafiya bibbiyu sahu 100 ke nan. Idan tsakanin wurin haɗuwa da dandamali mita 150 ne, sahun farko zai ɗauki kusan minti 4 a tafiyar ƙasaita. Idan kuma akwai tazarar daƙiƙa 4 tsakanin sahu da sahu, na ƙarshe zai taso ne bayan kusan minti 7. Jimla minti 11. Ayarin Uban Jami'a yana shigowa daban, da mai ɗauke da sandar girma a gabansa, a ba shi minti 5, a bar ɗan rara domin hawa dandamali. Wannan ya nuna ayarin malamai zai tashi 9:40, na Uban Jami'a kuma 9:52.

Kafin a shiga ayari sai an sa rigar biki. Sanya riga da hula, da gaisawa, da ɗaukar hoto ɗaya, ba sa yiwuwa a ƙasa da minti 15 ga babban mutum. Don haka wakilin Mai Ziyara ya kamata ya sauka daga mota ƙarfe 9:30. Ƙa'idar isowa kuwa ita ce na ƙasa ya riga na sama, domin a samu mai tarba. Shugaban Jami'a da Magatakarda da Ma'aji da Shugaban Ɗakin Karatu su kasance a wurin 8:45. Waɗanda za a ba digirin girmamawa 9:00, Shugaban Majalisar Gudanarwa 9:10, Uban Jami'a 9:20. Tazarar minti goma-goma ba ado ba ce. Ƙofa ɗaya ce, masu tarba su ne dai mutum uku ko huɗu, kuma ayarin motoci yana buƙatar lokaci ya sauke mutane ya kauce kafin wani ya iso. Idan Uban Jami'a basarake ne, sai a ƙara tanadin dogarai da masu algaita da 'yan rakiya, waɗanda su ma suna buƙatar wurin tsayawa da wurin zama.

Daga nan ne hadimi zai ciro nasa lissafin. Idan tafiya daga Maitama ko Asokoro zuwa harabar jami'a za ta ci minti 40, a ƙara minti 10 saboda cunkoson Lugbe da na bakin ƙofar jami'a, tashi daga gida ya zama 8:40. Katin gayyata zai ce ƙarfe 10:00, amma wanda zai shiga ayari ya fito bisa wannan lokaci ya riga ya makara da fiye da sa'a guda.

Sauran jama'a kuwa lissafinsu a bakin ƙofa yake. Idan layin bincike ɗaya yana wuce da mutum 10 a minti, layi shida za su wuce da 60, mutum 6,000 za su ɗauki minti 100. Buɗe ƙofa 7:00 na nufin a gama kusan 8:40, ɗalibai su zauna tsangaya-tsangaya kafin 9:00. Idan aka rage layukan zuwa uku, lokacin ya ninka, kuma za a ɗauki taken ƙasa alhali wasu ɗalibai suna waje a tsaye da rigunansu.

Kujera tana bin ayari

A shigowa, na ƙasa ne a gaba, manya a baya. Malamai ke fara shiga, sai 'yan majalisar malamai ta jami'a, sai 'yan Majalisar Gudanarwa, sai waɗanda za a karrama da manyan jami'ai, a ƙarshe Uban Jami'a da Mai Ziyara ko wakilinsa. A fita kuma sai a juya tsarin, manya su fara sauka. Wannan ne ya sa ake cika dandamali daga sahun baya zuwa na gaba, daga gefe zuwa tsakiya. Idan an jera ayari daidai, kowa zai tarar da kujerarsa ba tare da ya tsallake ƙafar wani ba. Idan aka ga manya suna kutsawa ta gaban juna a kan dandamali, to kuskuren a wurin jera ayari aka yi shi.

A sahun gaba, mai shugabantar zama ne a tsakiya, sandar girma a ajiye a gabansa. Wanda ya fi daraja a cikin saura yana zama a damansa, na biye a hagunsa, a ci gaba da haka dama da hagu. Magatakarda da mai karanta tarihin waɗanda za a karrama ana ajiye su kusa da mumbari, domin su ne masu yawan tashi. Shugabannin tsangayoyi kuma suna zama bisa jerin da za a kira su, su ma ɗalibai a ƙasa haka, ta yadda idan shugaban tsangaya ya miƙe, rukuninsa ne ke miƙewa a fili guda.

Matsalar da ta fi taɓa ma'aikatan tarayya ita ce ta wakilci. Wanda ya zo a madadin Mai Ziyara yana zama a kujerar Mai Ziyara, ko da a ofis bai kai wasu da ke wurin matsayi ba, domin saƙon Shugaban Ƙasa yake ɗauke da shi. Amma wanda ya wakilci baƙon da aka gayyata kawai, kamar minista ko gwamna ko shugaban hukuma, bisa al'adar tsarin zama ba ya gadon kujerar maigidansa kai-tsaye. Ana ba shi wuri gwargwadon matsayinsa. Idan ofis ya sanar da sauyin tun kwana biyu kafin biki, za a gyara katin suna cikin sirri. Idan kuwa sai da safe darakta ya bayyana ya ce shi ne wakili, dole a taɓa kujeru uku ko huɗu a gaban jama'a, kuma a irin wannan ne ake samun ɓacin ran da ke daɗewa.

Haka nan dandamali na masu riga ne da ke cikin ayari. Hadimi, da mai ɗaukar hoto, da ɗan rakiya ba su da kujera a can, in ban da dogarin tsaro da aka amince ya tsaya a baya. Hadimi mai lura yakan nemi kujera a ƙarshen sahu kusa da matakala, inda zai iya miƙa takarda ba tare da ya ratsa fili ba.

Daga taken ƙasa zuwa tashi

Jerin abubuwan yana ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, wasu ma suna raba bikin kwana biyu, digiri na farko daban, manyan digiri daban. A misalinmu na yini guda, ga yadda zai kasance:

10:00 Taken ƙasa da taken jami'a, minti 5
10:05 Addu'ar buɗewa, minti 5
10:10 Magatakarda ya gayyaci Uban Jami'a ya buɗe zama, minti 3
10:13 Jawabin Uban Jami'a, minti 7
10:20 Jawabin Shugaban Majalisar Gudanarwa, minti 8
10:28 Jawabin Shugaban Jami'a, minti 15
10:43 Digiri na farko, tsangaya 10, minti 30
11:13 Babbar difloma da digiri na biyu, minti 10
11:23 Digiri na uku, mutum 60, minti 22
11:45 Digirin girmamawa ga mutum 2 da jawabin godiya, minti 20
12:05 Kyaututtuka da jawabin gwarzon ɗalibi, minti 10
12:15 Saƙonnin sauran jami'o'i, minti 5
12:20 Jawabin Mai Ziyara, minti 12
12:32 Uban Jami'a ya rufe zama, minti 3
12:35 Taken ƙasa, minti 2
12:37 Fitar ayari, minti 13

An tashi 12:50, da rarar minti 10 kafin ƙarfe 1:00, lokacin da jama'a za su fara neman wurin sallar Azahar. Idan bikin ya faɗo ranar Juma'a, wannan iyaka ba ta karɓar sassauci ko kaɗan, sai dai a matso da turken zuwa 9:00.

Kowane layi a nan yana da lissafi a ƙarƙashinsa. Ɗaliban digiri na farko ba a kiran sunayensu ɗaya-ɗaya. Shugaban tsangaya ne ke gabatar da su a dunƙule, su miƙe, Uban Jami'a ya furta kalmomin tabbatarwa, su zauna, abin da ke cin kusan minti 3. Masu digiri na uku kuwa sukan hau ɗaya bayan ɗaya, kuma daƙiƙa 20 ga kowane mutum ta ba da minti 20. Da za a ce dukkan ɗalibai 2,000 sai sun hau sun yi musafaha a wannan ma'auni, da an shafe fiye da sa'a 11. Ko a kan mutum 60, idan aka bar kowa ya tsaya ɗaukar hoto har daƙiƙa 20 ta koma 40, minti 20 sun salwanta ba tare da kowa ya lura da inda suka tafi ba. Maganin wannan shi ne jami'i ɗaya a gindin matakala, yana jera mutum biyar a gaba bisa jerin da ke hannun mai kiran suna.

Jawabi kuma da kalmomi ake auna shi. Mai karatu a natse a gaban taro yakan karanta kalma 120 zuwa 130 a minti. Jawabin minti 12 bai kamata ya wuce kalma 1,500 ba, har da gaisuwa. Gaisuwar ce ma ɓarauniyar lokaci: suna 20 da cikakkun muƙamai, kowanne daƙiƙa 6, minti 2 ke nan, kuma idan masu jawabi shida suka maimaita jerin, an kashe minti 12 a kan sunayen da kowa ya riga ya ji. Tsari mai kyau shi ne mai jawabin farko ya yi cikakkiyar gaisuwa, saura su tsaya kan mutum uku ko huɗu na sama. Duk mai rubuta wa maigidansa jawabi ya tambayi minti nawa aka ware, ya ƙirga kalmomi, ya kuma sabunta jerin gaisuwar da safiyar ranar, domin gaida wanda bai zo ba da tsallake wanda ya zo duk abin kunya ne.

Akwai kuma dalilin ajiye jawabin Mai Ziyara kusa da ƙarshe. Bayan mafi girma ya yi magana, ba a son wani ya sake hawa mumbari sai mai rufewa. Sannan muddin bai yi magana ba, baƙi da 'yan jarida ba sa watsewa. Idan hadimai suka nemi a matso da jawabin zuwa 10:45 domin maigida yana da wani taro, su sani abin da suke nema ya wuce musayar layi biyu. Da zarar ya fita, jami'an tsaro da motoci da rabin rumfar manyan baƙi za su bi shi, masu digiri na uku kuma su karɓi sakamakon wahalar shekaru a gaban kujerun da babu kowa. Idan fitar ta zama dole, gara a faɗa tun farko, a sa ta a gaɓar da aka tsara, ya fita ta gefe ba tare da an dakatar da zama ba.

Idan babban baƙo ya makara

A ce ƙarfe 9:15 jami'in tuntuɓa ya kira, aka ce wakilin Mai Ziyara bai bar gida ba. Minti 50 na hanya sun nuna ba zai iso kafin 10:05 ba, kuma sai ya sa riga. A nan ne jadawali mai kyau ke nuna amfaninsa, domin tun kafin ranar an rubuta abin da za a iya yankewa da abin da ba a taɓawa. Rarar minti 10 da saƙonnin jami'o'i na minti 5 sun ba da minti 15. Idan Shugaban Jami'a ya taƙaita jawabinsa daga 15 zuwa 8, tunda cikakkensa yana cikin littafin biki, an ƙara 7. Iyakar jiran da taron zai iya ɗauka ke nan, minti 22, ba tare da an taɓa bayar da digiri ba, wanda shi ne dalilin haɗuwar.

Lissafin ya nuna baƙon ba zai kasance a shirye ba sai 10:20, ayarin Uban Jami'a ya tashi a lokacin, taken ƙasa ya koma wajen 10:28. Jinkirin minti 28 ya zarce abin da ake da shi. Shawarar da ta dace ita ce a fara a kan lokaci, a bar kujerarsa da katin sunansa, a shigo da shi a gaɓa: ƙarfe 10:28 kafin Shugaban Jami'a ya fara, ko 10:43 kafin a soma bayar da digiri. Ba a shigo da kowa a tsakiyar jawabi ko a tsakiyar gabatar da tsangaya. Wannan shawara ta Shugaban Jami'a ce bayan ya sanar da Uban Jami'a, kuma dole a yanke ta kafin 9:40, domin da zarar ayarin malamai ya tashi, ba a mayar da shi, kuma barin mutum 200 zaune cikin riguna masu kauri a zafin Maris na Abuja suna jiran gawon shanu ya fi farawa babu baƙon muni.

Alamomin matsala sukan bayyana tun kafin ranar. Idan har ranar Alhamis ba a san sunan wakili ba, katin kujera da jerin gaisuwa da girman riga duk suna rataye. Idan ba a yi gwajin ayari da agogo a hannu ba, minti 11 ɗin nan hasashe ne kawai. Idan takardar da ke hannun mai gabatarwa ta bambanta da ta jami'an tsaro, za a samu umarni biyu a ƙofa ɗaya, shi ya sa ake rubuta kwanan wata da lokacin gyara a saman kowane kwafi. A ranar kuma, layin ɗalibai a bakin ƙofa da ƙarfe 9:00 ya isa shaida cewa turken 10:00 ya fara girgiza.

Saboda haka hadimin da takardar gayyata ta iso teburinsa yana da tambaya biyar ga ofishin Magatakarda: ta wace ƙofa za a shiga kuma da ƙarfe nawa, wa zai tarba, shin maigida yana cikin ayari ko a rumfar baƙi zai zauna, minti nawa aka ware masa idan zai yi magana, kuma a wace gaɓa zai iya fita idan ta kama. Amsoshin su shiga takarda ɗaya, a ba direba da jami'in tsaro da mai rubuta jawabi kwafi iri ɗaya tun daren Juma'a.